Gudawar da ta ƙi tsayawa

Gudawar da ta wuce mako 2 ta fi ƙarfin jiƙo, sai an je asibiti. A wurarenmu, sau da yawa ƙwayoyin cuta ne da ake sha a ruwan rijiya ko tafki. Akwai wadda ke sa kumburin ciki da kashi mai maiƙo da wari. Wata kuma atini take kawowa, da majina da jini.

Likita zai fara da duba bayan gida, wani lokaci har sau 3, domin ƙwayar ba kullum take fitowa ba. Zai auna jini, ya ga ko ya ragu. In mutum na ramewa, akan yi gwajin ƙanjamau da tarin fuka, kuma bai kamata a ƙi ba. Dattijo mai fitar da jini kuwa, a leƙa hanjinsa da na'ura saboda ciwon daji.