Dafin da ke jikin ƙwayar cuta, ko ta mutu

Ƙwayoyin bakteriya suna cutar da mutum da dafi iri biyu. Na farko, eksotoksin, furotin ne da ƙwayar ke ƙerawa ta fitar tun tana raye, kuma kowanne da inda yake nufa: na tetanus yana bin jijiyoyi ya ƙage muƙamuƙi, na kwalara yana sa hanji ya tsiyaye ruwa, na mashaƙo yana lalata maƙogwaro da zuciya. Da yake furotin ne, zafi yana lalata mafi yawansu, ana kuma iya dakushe shi a mayar da shi allurar riga-kafi, kamar ta tetanus da ake yi wa masu juna biyu.

Na biyu, endotoksin, ya fi wuyar sha'ani. A 1892 Richard Pfeiffer ya lura cewa ƙwayoyin kwalara da aka kashe da zafi suna halaka dabbobin gwaji duk da haka. Dafin ashe yana cikin fatarsu ta waje, wani sinadarin kitse da sukari mai suna lifofolisakarid. Ƙwayoyin taifot da na sanƙarau da E. coli duk suna sanye da shi. Tafasa ba ta lalata shi.

Abin mamaki, da kansa ba ya yanka ko'ina. Jikinmu ne ke yin ɓarnar. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna da wani mai gadi, TLR4, wanda ke gane ɓangaren kitsen. Da ya gan shi sai su saki sinadaran gangami, saƙo ya isa ƙwaƙwalwa ta ɗaga ma'aunin zafin jiki, mutum ya kama rawar ɗari. Idan a ƙurji ɗaya ne, wannan gangami taimako ne. Idan kuwa ƙwayar ta bazu cikin jini, sai hanyoyin jini su saki ko'ina a lokaci guda, ruwa ya zurare cikin nama, ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda ta daina yin fitsari.

A yaron da ƙwayar sanƙarau ta shiga jininsa, duk wannan na iya faruwa tsakanin hantsi da dare. Tafin hannu da ƙafa su yi sanyi alhali jiki na zafi, numfashi ya yi sauri, hankali ya gushe, ɗige-ɗigen jini su fito a fata waɗanda ba sa ɓacewa ko an danna su da kofin gilashi. A baƙar fata a duba tafin ƙafa da cikin fatar ido. Saukar zazzaɓi a wannan hali ba sauƙi ba ne.

Wani zai ce, tunda mutuwar ƙwayar na sakin dafin, ashe maganin kashe ta zai ƙara dagula lamarin. Gaskiya ne ana sakin wani abu, amma ƙwaya mai rai ma tana zubar da shi yayin da take hayayyafa, E. coli kuwa tana iya ninkuwa cikin minti 20 idan ta sami wuri. Saboda haka a asibiti ake haɗa allurar kashe ƙwayar da ƙarin ruwa ta jijiya tun a sa'ar farko, abin da farasitamol a gida ba zai yi ba.