Inshorar Lafiyar Matafiya: Takardar Da Ofisoshin Biza Ke Nema Da Iyakar Amfaninta

GARKI, ABUJA — Daga cikin takardun da ɗalibi ko ma'aikaci ke haɗawa don neman bizar ƙasashen Turai, babu wadda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi kamar takardar inshorar lafiya. Galibi akan bar wa wakilin tafiye-tafiye ya samo ta a ranar ƙarshe, a cusa ta cikin fayil ba tare da an karanta ba. Alhali kuwa rashin ingancinta yana cikin dalilan da dokar Tarayyar Turai ta jera na hana biza, kuma kuɗin neman bizar gajeren zama, wanda ya koma Yuro 90 a watan Yuni na 2024, ba a mayar da shi ga wanda aka hana.

Abu mafi muhimmanci da ya kamata matafiyi ya gane shi ne, inshora iri biyu ce ake kira da suna ɗaya. Akwai inshorar tafiya, wadda ke ɗaukar nauyin larurar gaggawa ta ɗan lokaci. Akwai kuma inshorar lafiya ta mazauna ƙasa, wadda ɗalibi ko ma'aikacin da zai daɗe yake buƙata. Ta farko tana iya shigar da mutum ƙasa, amma ba ta isa ta zaunar da shi ba.

Sharuɗɗan ƙasashen Schengen

Ƙasashe 29 na yankin Schengen, waɗanda suka haɗa da Jamus da Faransa da Italiya da Sifen, suna bin ƙa'ida guda wajen bizar da ba ta wuce kwana 90 ba. Sashe na 15 na dokar biza ta Tarayyar Turai mai lamba 810 ta shekarar 2009 shi ne ya shimfiɗa sharuɗɗan. Dole ne inshorar ta kai aƙalla Yuro 30,000, ta yi aiki a dukkan ƙasashen yankin, ta kuma game dukkan kwanakin da mutum zai yi. Har ila yau, wajibi ne ta ƙunshi jinyar gaggawa, da kwanciya a asibiti, da dawo da majiyyaci gida saboda rashin lafiya, da ɗawainiyar da ke biyo bayan rasuwa. Masu fasfon diflomasiyya an ɗauke musu wannan sharaɗi.

Yuro 30,000 ɗin nan ba kuɗin da matafiyi zai biya ba ne. Iyakar abin da kamfanin inshora ya yi alkawarin biya ke nan idan larura ta faru. In aka ƙaddara Yuro ɗaya a kan Naira 1,700, adadin ya kama Naira miliyan 51, yayin da abin da matafiyi ke biya wa kamfani na 'yan makonni ɗan ƙaramin kaso ne ƙwarai na wannan. Saboda haka ne ma ya kamata adadin ya fito a takardar da Yuro. Takardar da ta ambaci Naira kaɗai tana iya cika sharaɗi yau, gobe ta gaza idan darajar Naira ta faɗi, kamar yadda aka gani bayan da aka sakar wa kasuwa farashin musaya a watan Yuni na 2023.

Abin da jami'in biza ke dubawa

Hujjar da ake karɓa ita ce takardar shaidar inshora da kamfanin ya fitar. Rasiɗin biyan kuɗi ko takardar tayin farashi ba sa maye gurbinta. Jami'in zai duba ko sunan da ke jikinta ya dace da na fasfo harafi da harafi, sannan ya duba lambar inshorar, da ranar farawa da ta ƙarewa, da yankin da aka rubuta, da adadin kuɗin.

A wajen kwanan wata ne aka fi yin tuntuɓe. Ɗauki misalin ma'aikacin wata hukuma a Garki da aka tura kwas ƙasar Holan. Zai sauka ranar 3 ga Mayu, kwas ɗin ya ƙare ranar 23, amma jirginsa na dawowa sai ranar 24. Idan inshorarsa ta tsaya a ranar 23, akwai yini guda da ba ta game ba, kuma wannan ya ishi jami'i dalilin mayar da takardun. Ƙara 'yan kwanaki a ƙarshe bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da asarar kuɗin biza da na tikiti. Haka nan, idan aka rubuta Holan kaɗai a matsayin yanki, takardar ba ta cika sharaɗi ba, ko da mutumin ba shi da niyyar tsallaka iyaka.

Wanda ya nemi bizar shiga sau da yawa, inshorar tafiyarsa ta farko kawai zai nuna, sannan ya sa hannu cewa ya san wajibi ne ya sake yin wata a kowace tafiya. Jami'an kan iyaka suna da ikon neman ganin takardar a filin jirgin sama.

Dokar ta kuma umarci ofisoshin jakadanci su tabbatar cewa za a iya karɓar kuɗi daga kamfanin a cikin Turai. Wannan ne ya sa wasu ofisoshin ke fitar da jerin kamfanonin da suka amince da su, kuma jerin yana sauyawa. Don haka kafin a biya ko kwabo, sai a duba abubuwa biyu: ko ofishin jakadancin yana karɓar takardar kamfanin, da kuma ko kamfanin yana da lasisin Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, mai hedikwata a titin Ladoke Akintola da ke Garki II. Kamfanoni irin su Leadway da AIICO da AXA Mansard suna cikin masu sayar da irin wannan inshora a Nijeriya. Wanda ya saya ta hannun wakili, ya kira kamfanin da kansa ya karanto lambar inshorar. Idan babu ita a rajistarsu, to takardar jabu ce, ko kuma wakilin bai miƙa kuɗin ba, kuma ƙa'idar inshora a Nijeriya ita ce sai kuɗi ya shiga kafin alkawari ya hau kan kamfani.

Ɗalibar da za ta tafi Jamus

Wanda zai wuce kwana 90 ya fita daga ƙa'idar bai-ɗaya, ya koma ƙarƙashin dokar ƙasar da zai zauna. Mu ɗauki ɗaliba 'yar shekara 26 da ta sami gurbin digiri na biyu a wata jami'ar Jamus. Zangon karatu na hunturu yana farawa ranar 1 ga Oktoba a yawancin jami'o'i, ita kuwa za ta sauka ranar 12 ga Satumba don neman masauki.

A Jamus ba a yi wa ɗalibi rajista a jami'a sai an tabbatar da matsayin inshorar lafiyarsa. Tun da ba ta kai shekara 30 ba, tana da damar shiga ɗaya daga cikin asusun inshorar da doka ta kafa, kamar TK ko AOK ko Barmer, a farashin ɗalibai, wanda ya haura Yuro 100 a wata. Tana iya cike takardun tun tana Abuja, asusun ya ba ta wasiƙar tabbaci. Asusun ne kuma zai aika wa jami'ar sanarwa kai tsaye ta na'ura, wadda ake kira M10.

Sai dai wannan inshora ba ta fara aiki kafin zangon karatu ya kama. Daga 12 zuwa 30 ga Satumba akwai giɓin kwana 19, kuma inshorar tafiya ce ke cike shi. Ke nan takarda biyu za ta nuna: ta tafiya don makonnin farko, da wasiƙar asusun don abin da ya biyo baya. Hikima ce ta sayi ta tafiyar fiye da kwana 19, domin rajistar jami'a tana iya jinkiri.

Da shekarunta sun haura 30, da farashin ɗalibai ya wuce ta, kuma galibi sai ta nemi inshorar kamfani mai zaman kansa. Akwai kuma wani tarko: ɗalibin da ya nemi a tsame shi daga tsarin doka don ya sayi inshora mai araha, ba ya iya janye wannan zaɓi muddin yana cikin karatun. Shi kuwa ma'aikacin da aka ɗauka aiki, daga albashinsa ake cire kuɗin inshora, shi da mai aikin su raba, amma shi ma yana da giɓi tsakanin ranar sauka da ranar kama aiki.

Birtaniya ta bi wata hanya

Birtaniya ba ta cikin Schengen, kuma ba takardar inshora take nema daga wanda zai zauna fiye da wata shida ba. Tun 2015 take karɓar harajin lafiya na baƙi, IHS, a lokacin cike takardun biza. A watan Fabrairu na 2024 aka ɗaga shi zuwa Fam 776 a shekara ga ɗalibai, da Fam 1,035 ga yawancin ma'aikata. Da tsawon biza ake lissafi, ba tsawon kwas ba. Kwas na wata 12 yakan zo da biza ta kimanin wata 17, wadda ake lissafawa shekara ɗaya da rabi, wato Fam 1,164 a biya ɗaya. Hujjar ita ce lambar da ake bayarwa bayan biya. Inshorar kamfani ba ta ɗauke wa mutum wannan haraji, amma ana mayar da shi idan aka hana biza, kuma masu bizar aikin kiwon lafiya da kula da gajiyayyu ba sa biyansa.

Inda inshorar tafiya ta tsaya

Samun biza ba ya nufin kamfani zai biya kowace jinya. Yawancin yarjejeniyoyin inshorar tafiya suna cire cutar da mutum ya tafi da ita, kamar ciwon suga da hawan jini da amosanin jini, sai in an bayyana ta kuma kamfanin ya amince a rubuce. Sukan kuma cire awon ciki da haihuwa, da raunin da aka samu a aikin ƙarfi, abin da ya shafi masu tafiya aikin gini ko masana'antu kai tsaye. Wasu kuma suna da kason da majiyyaci zai fara biya daga aljihunsa: idan kason Yuro 100 ne, asibiti kuma ya caji Yuro 2,400, kamfani zai biya 2,300.

A jikin kowace takarda ta gaskiya akwai lambar wayar taimako mai aiki dare da rana. Yarjejeniyoyi da yawa sun shardanta a kira ta kafin kwanciya a asibiti, ko da zarar hali ya yi, domin kamfanin ya ba asibitin tabbacin biya. Wanda ya biya da kansa ba tare da sanarwa ba, zai iya rasa kuɗinsa ko da yana da rasiɗai. Saboda haka matafiyi ya riƙe kwafin takardar tare da fasfonsa, ya bar wani kwafin a wurin iyalinsa. Idan kamfanin da ke Nijeriya ya ƙi biyan haƙƙi, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koke, kuma takardar shaidar da rahoton likita da rasiɗan asibiti su ne hujjojin da mai ƙorafi zai gabatar.