Yadda ake auna ra'ayin mai saye da lissafi: darasin wayoyi uku a aji

A sassan koyar da kasuwanci na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha akwai darasin da ake kira halayyar mai saye, kuma a cikinsa akwai wani aiki da malamai ke yawan bai wa ɗalibai. Za a ɗauko kaya iri ɗaya na kamfanoni masu gogayya da juna, kamar wayar hannu ko sabulun wanki ko madarar gari, a ce kowane ɗalibi ya ba su maki siffa bayan siffa, sannan a haɗa lissafi a ga wanda ya zo kan gaba. Aikin ba ya cin fiye da awa guda. Matsalar ita ce yawancin ɗalibai suna tsayawa ne a kan jimillar ƙarshe, alhali ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da takardar ta ƙunsa.

Tsarin ba a kasuwa aka haife shi ba. Martin Fishbein, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Illinois, shi ya gabatar da shi a wata maƙala a 1963, bayan Milton Rosenberg ya kawo wani mai kama da shi a 1956. Hujjarsa mai sauƙi ce: ra'ayin mutum game da abu yana fitowa ne daga abubuwan da ya yarda cewa abin yana da su, da kuma yadda yake kallon kowannensu, alheri ne ko aibi. Masana kasuwanci suka karɓe shi hannu bibbiyu a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, don ya ba su hanyar gane dalilin da ya sa mutum ya fi son wannan kaya a kan wancan. Ga yadda ake rubuta shi:

```
A = b1×e1 + b2×e2 + ... + bn×en
```

Harafin A shi ne ra'ayin gaba ɗaya. Harafin b shi ne ƙarfin yardar mutum cewa kayan yana da wata siffa, harafin e kuwa darajar da yake ba wannan siffa. Ana ninka su biyun ga kowace siffa, sannan a tara.

Matakin farko shi ne zaɓen siffofin, kuma a nan malamai da yawa ke gaggawa. Bai kamata malami ya shigo da jerinsa a rubuce ba. Hanyar Fishbein ita ce a tambayi mutanen da kansu abin da ke zuwa musu a rai idan an ambaci kayan, a riƙe waɗanda suka fi maimaituwa, galibi biyar zuwa tara, domin mutum ba ya riƙe fiye da haka a kansa lokacin yanke shawara. Idan malami ne ya zaɓa, zai iya sa ƙarfin injin waya, alhali abin da ke damun ɗalibin da ke kwana a ɗakin da wuta ba ta cika zuwa ba shi ne batir.

Bari mu ɗauki misali da lambobi na ƙirƙira, kuma mu taƙaita da siffofi huɗu don lissafin ya yi sauƙi. Wata ɗaliba za ta kwatanta wayoyi uku, A da B da C. Da farko za ta ba siffofin daraja daga −3 zuwa +3, ba tare da tunanin kowace waya ba. Ta ba daɗewar caji +3, araha +2, kyamara mai kyau +1, saurin ɗaukar zafi kuwa −2, tunda aibi ne. Bayan haka za ta ɗauki kowace waya ta faɗi yadda ta yarda cewa tana da siffar, daga 1, wato sam ban yarda ba, zuwa 7, wato na yarda ƙwarai. Ta ba A shida a caji, shida a araha, uku a kyamara, huɗu a zafi. B mai tsada ce amma kyamararta ta fi ta kowa. C ta fi riƙe caji, sai dai tana zafi.

```
A: 6×3 + 6×2 + 3×1 + 4×(−2) = 25
B: 5×3 + 2×2 + 7×1 + 2×(−2) = 22
C: 7×3 + 4×2 + 4×1 + 6×(−2) = 21
```

Waya A ce ta zo ta ɗaya. Amma 25 ɗin nan ba ta da ma'ana ita kaɗai, ba kashi 25 cikin ɗari ba ce, kuma ba ta nufin ɗalibar ta fi son A da wani adadi da za a iya aunawa. Amfaninta kawai shi ne a jera ta kusa da 22 da 21. Ana iya tabbatar da wannan cikin minti biyu. Wasu littattafai suna auna yarda daga −3 zuwa +3 maimakon 1 zuwa 7. Idan aka sauya amsoshin ɗalibar zuwa wannan ma'auni, wato aka cire 4 daga kowace, makin zai koma 9 da 6 da 5. Jerin bai canza ba, tazarar ma ba ta canza ba, amma lambobin sun sauya gaba ɗaya. A wannan ma'aunin ne ake ganin wani abu da ke rikita ɗalibai: rashin yarda cewa B tana zafi, −2, idan aka ninka da −2 na aibin, sai ya ba da +4. Ba kuskure ba ne. Rashin aibi a wurin da ake tsoron aibi alheri ne, kuma lissafin ya kama hakan daidai. Abin da ba ya yiwuwa shi ne rabin aji su yi amfani da ma'auni ɗaya, rabi da ɗayan, sannan a haɗa sakamakon.

Inda darasin ke da daɗi shi ne a koma cikin layukan. Me ya kayar da C, alhali ita ce ta fi kowa a siffar da ɗalibar ta fi so? Zafi ne, wanda ya cinye mata maki 12. Da kamfanin C zai gyara wannan, ya kuma gamsar da masu saye har yardar ta sauko daga 6 zuwa 3, da makinta ya tashi zuwa 27 ta wuce A ba tare da an taɓa farashi ba. Ita kuwa B hanyarta daban ce. Kyamararta ta riga ta kai 7, babu sauran hawa, don haka abin da ya rage wa masu tallanta shi ne su sa mutane su ƙara wa kyamara daraja, ko su nemi waɗanda tun asali kyamara ce gabansu. A ce ɗalibin da ke zaune kusa da ita yana sayar da huluna ta waya, hoto ne jarinsa. Ya yarda da duk makin da ta ba wayoyin, amma shi kyamara +3 ce a wurinsa, araha +1. A takardarsa B za ta samu 34, A da C kowace 25. Wayoyin ba su canza ba, ra'ayi kan ingancinsu ma bai canza ba, mai saye ne ya bambanta. Wannan shi ne asalin abin da masana ke nufi da rarraba kasuwa rukuni-rukuni, kuma ɗalibin da ya gan shi da lissafin hannunsa ba zai sake haddace shi kamar karatun aku ba.

Saboda haka ne nake ganin babban kuskuren da ake yi a aji shi ne gaggawar fitar da matsakaicin maki. Idan aka gauraya masu son kyamara da masu son araha, za a fito da wani mai saye na tsakiya wanda babu shi a ajin. Akwai ma kuskuren lissafi a ciki. Wani ya ba yarda 7 da daraja 3, ya samu 21. Wani ya ba 3 da 1, ya samu 3. Matsakaicinsu 12 ne. Amma idan aka fara fitar da matsakaicin yarda, 5, da na daraja, 2, sannan aka ninka, 10 za a samu. Ƙa'ida ita ce kowa ya gama ninkawarsa da tarawarsa tukuna, sannan a duba yadda ajin ya rarrabu.

Jerin siffofin ma yana iya lalata aikin tun kafin a fara. Idan aka sa kyamara mai kyau, aka kuma sa kyawun hoto, an ƙirga abu ɗaya sau biyu, wayar da ta fi a nan za ta ci riba ninki biyu. Idan kuma aka sa siffar da duka wayoyin suka yi daidai a kanta, kamar ɗaukar layi biyu, za ta ƙara wa kowa maki iri ɗaya ba ta raba gardama ba, komai muhimmancinta. Sai kuma abin da Edward Thorndike ya bayyana tun 1920, wato son abu gaba ɗaya yakan rina hukuncin mutum a kan sassansa. Alamarsa a takarda ba ta ɓuya: ɗalibi ya jera wa wayar da ke aljihunsa shida da bakwai a duk siffa mai kyau, har da araha, alhali kowa ya san ita ce mafi tsada. Maganin da ke rage shi shi ne a ɗauki siffa ɗaya a ba duk wayoyin maki a kanta kafin a wuce ta gaba, maimakon a gama da waya ɗaya sannan a shiga wata.

Iyaka mafi girma tana cikin tarawar kanta. Tsarin yana ɗauka cewa ƙarfi a wata siffa yana biyan rauni a wata, kyamara mai kyau tana rama tsada. Sau da yawa mutane ba haka suke saye ba. Wanda kuɗinsa bai kai farashin B ba ya cire ta tun daga bakin shago, ko da takardarsa ta ba ta 34. Wani kuma siffa ɗaya kawai yake dubawa, wadda ta fi riƙe caji ita zai ɗauka, kuma da wannan ƙa'idar C ce ke cin nasara, ita da ta zo ta ƙarshe a lissafin ɗalibarmu. Amos Tversky ya yi bayanin irin wannan zaɓe na cirewa siffa bayan siffa a 1972. Shi ma Fishbein ya san ra'ayi game da kaya ba saye ba ne. A littafin da suka wallafa da Icek Ajzen a 1975 sun mayar da hankali kan ra'ayin mutum game da aikata abin, wato sayen kansa, suka ƙara da matsin mutanen da yake jin maganarsu. Ɗalibin da yayansa ne zai biya kuɗin, kuma yayan ya riga ya faɗi irin da ya amince da ita, ya san nauyin wannan ƙarin.

Akwai gwaji ɗaya da ke nuna ko aikin ya yi kyau, kuma ba ya cin ko minti biyar. Kafin a ambaci kowace siffa, malami ya sa kowane ɗalibi ya rubuta wayoyin uku bisa yadda ya fi son su, ya ninke takardar ya ajiye. Bayan an gama lissafi sai a buɗe a gwada. Idan jerin biyu sun dace a wurin mafi yawan ɗalibai, siffofin da aka zaɓa sun kama abin da ke zukatansu. Idan sun saɓa, to akwai siffar da aka bari a baya, wataƙila samun kayan gyara ko darajar waya idan za a sake sayar da ita, ko kuma ɗaliban suna zaɓe ne da ƙa'idar cirewa. Malaman da ke ba da wannan aiki su ware rabin lokacin darasin don waɗanda takardunsu suka saɓa, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya abin da ya sa, sannan a ƙara siffar da ta ɓace a sake lissafin.