Daƙiƙa 300: Aikin Mai Tsara Labaran Minti Biyar

Labaran minti biyar da ake ji a rediyo da tsakar rana daƙiƙa 300 ne cif, kuma kafin mai karatu ya shiga situdiyo an riga an raba wa kowace daƙiƙa aikinta a takarda. Mai wannan rabo shi ne editan da ke bakin aiki a ɗakin labarai. Ba a jin muryarsa, amma shi ake nema idan labarai suka ci lokacin tallar da aka biya kuɗinta, ko tashar ta makara wajen haɗawa da shirin Sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shirye-shirye tun 1957 kuma ba ya jiran kowa.

Abu na farko da edita ke sani shi ne saurin bakin mai karatunsa. Turawa suna lissafin kalma uku a daƙiƙa, amma wannan awon harshensu ne. Edita mai hankali yakan miƙa wa mai karatu shafi guda, ya riƙe agogo, ya ƙirga da kansa. A ce an samu kalma 150 a minti, wato biyu da rabi a daƙiƙa. Daga nan komai lissafi ne.

Mu ɗauki labaran ƙarfe 12 a wata tashar FM a Kano, cikin damina. Take da gaisuwa sun ci daƙiƙa 10, kanun labarai 20. Babban labari na ambaliya ne: gabatarwa 15, rahoton wakili 50, don haka zai ƙare a minti 1 da daƙiƙa 35. Na biyu kan farashin taki, mai karatu ya yi 20, muryar wani manomi 20. Na uku karatu ne zalla na daƙiƙa 30. Na huɗu gabatarwa 15 da rahoto 40, ya sauka a 3:40. Labarin ƙetare 25, wasanni 25, sai a 4:30 a maimaita kanu a yi sallama. Idan aka cire take da muryoyin da aka naɗa, abin da ya rage wa bakin mai karatu daƙiƙa 180 ne, kalma 450 ke nan. Sabon shiga yakan kawo kalma 450 a labari ɗaya tak, har yana ganin ya taƙaita.

Inda gwaninta ke fitowa shi ne mahaɗar mai karatu da wakili. Ga yadda shafin babban labarin zai iya kasancewa, a matsayin misali:

MAI KARATU: Ambaliyar ruwa ta raba iyalai da dama da gidajensu a wasu ƙauyuka na gaɓar kogin Haɗeja, bayan mamakon ruwan saman da aka tafka daren jiya. Hukumomi sun ce suna ƙidayar ɓarnar. Ga rahoton wakilinmu daga yankin.

RAHOTO: farko, "Tun kafin asuba...", ƙarshe, "...su kwana a makarantar firamare", tsawo, 0:50.

Gabatarwar kalma 36 ce, ta zauna cikin daƙiƙa 15 har da ɗan numfashi. Ta riga ta ba da labarin, ta yadda ko rahoton ya ƙi tashi daga kwamfuta, mai sauraro ya san abin da ya faru da inda ya faru. Saboda haka wakili ba zai sake buɗewa da cewa ambaliya ta raba mutane da gidajensu ba. Zai fara daga inda aka tsaya: ƙarar ruwa, matar da ke tsamo buhun gero, ina za a kwana yau. Wakilai da yawa sukan zuba mafi kyawun jimlarsu a farkon rahoto, sai edita ya cire ta daga sautin ya mayar da ita bakin mai karatu. Ransu kan sosu, amma maimaici daƙiƙa goma ne da aka zubar, kuma kunne na kama shi nan take.

Layin nan na kalaman farko da na ƙarshe an rubuta shi ne domin mai kula da na'ura. Na farko yana tabbatar masa cewa sautin da ya ɗora shi ne daidai. Na ƙarshe kuwa da shi yake sanin lokacin buɗe makirufo. Akwai tarko a nan. Idan wakili ya ambaci "makarantar firamare" a tsakiyar rahoto sannan ya sake rufewa da ita, ana iya yanke shi a ta farko, mai karatu ya faɗo kan maganar da ba ta ƙare ba. Edita yakan rubuta "sau biyu" a gefe. Haka kuma tsawon da ake rubutawa na magana ne, daga kalmar farko zuwa ta ƙarshe. Fayil na iya nuna 0:55 alhali biyar ɗin ƙarshe shiru ne, kuma shirun daƙiƙa biyar a rediyo ya isa mai shayi ya murɗa tasha.

Lambobi su ne ɓarayin lokaci a labaran Hausa. Kwamfuta tana ƙirga 1,250,000 a matsayin kalma ɗaya, baki kuwa sai ya ce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin, kalma takwas. Shekarar 2024 kalma shida ce. Shi ya sa ake rubuta adadi da haruffa a takardar karatu, ko a dunƙule shi a ce "sama da naira miliyan ɗaya", ko a ce "bara". Sunayen ma'aikatu da jerin muƙamai ma haka suke, musamman idan sanarwa ta zo da Turanci aka juya ta: hukumar da sunanta haruffa huɗu ne a can tana iya zama rabin layi a nan.

Yanzu a ce ƙarfe 11:40 wakili ya turo rahotonsa ta WhatsApp, an nemi 50 ya kawo minti 1 da daƙiƙa 20. Talatin sun yi yawa. Edita zai fara da datse sautin: doguwar sallamar wakili, jami'in da ya faɗi abu ɗaya sau biyu. A ce an samo 15. Sauran 15 dole su fito daga wani wuri, kuma a ganina bai kamata a nemo su ta hanyar sa mai karatu ya yi gudu ba, domin wanda ke sauraro cikin hayaniyar kasuwa ba shi da damar komawa baya. Gara labari na uku ya rasa jimlarsa ta ƙarshe, na ƙetare ma haka. Don irin wannan rana ake rubuta kowane labari muhimmi a sama, mai sauƙi a ƙasa, yadda za a yanke daga gindi ba tare da ma'ana ta karye ba.

Sai lissafin baya-baya, wanda ake yi daga ƙarshe. Tunda sallama da maimaita kanu na bukatar 30, ana rubuta 4:30 a saman shafinsu, 4:05 a saman na wasanni, 3:40 a saman na ƙetare. Mai karatu na gama labari na huɗu sai ya ɗaga ido ga agogon bango. In ya ga 3:40, ya ci gaba. In ya ga 4:00, ya san ya yi latti da daƙiƙa 20, sai ya tsallake labarin ƙetare gaba ɗaya ya faɗa wasanni. Wannan labarin tun farko an zaɓe shi ne don a iya sadaukar da shi, shi ya sa ba a saka shi cikin kanun labarai. Idan aka yi alƙawarinsa a kanu sannan aka jefar da shi, kafin a kashe makirufo wayar tashar ta fara ƙara.