Ɗan Haya Nagari: Lissafin da Ke Sa Mai Gida Ya Yi Godiya Ya Sassauta

A Kano da Kaduna da Abuja, takardar da ta fito daga hannun mai gida ba kasafai take zuwa da labari mai daɗi ba. Ɗan haya na ganin ambulan gabansa zai faɗi, domin abu biyu ya saba gani a ciki: ko ƙarin kuɗi, ko wa'adin tashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gini suka yi tashin gwauron zabo, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu wurare a farkon 2024. Kuɗin haya kuwa ya bi sahu.

Duk da haka akwai masu gidajen da ke aika wata irin takarda dabam. Suna gode wa wanda ya daɗe a gidansu, sannan su yi masa tayin sabunta haya da rangwame. Wasu kan ɗauka tausayi ne kawai. Akwai tausayin, amma akwai lissafi a ƙarƙashinsa, kuma lissafin ya fi ƙarfi fiye da yadda ake zato.

A ɗauki misali da gida mai ɗaki uku da falo a wata unguwa ta Kano, a ce Hotoro ko Kabuga. Wani malamin makaranta ya shekara shida a ciki, yana biyan naira 800,000 a shekara. Dillali ya zo ya rada wa mai gidan cewa irin wannan gida yanzu 1,200,000 ake ba da shi, kuma yana da mutum a hannu. Dillalin ba ƙarya ya yi ba, sai dai yana da nasa ido a kan la'ada, wadda galibi kashi goma cikin ɗari ce, kuma sai sabon mutum ya shigo yake samunta.

To, a buga lissafin. Idan malamin ya tashi, gidan ba zai cika washegari ba. A ce ya yi wata biyu a rufe, wato an yi asarar 200,000 a sabon farashin. Wanda zai biya sabon kuɗi kuma ba zai karɓi tsohon fenti ba, sai an shafe bango, an canja makullai, an gyara famfo da ragar taga, a ce 250,000. Abin da zai rage wa mai gida a shekarar farko 750,000 ne. Idan aka haɗa da 1,200,000 na shekara ta biyu, ya tashi da 1,950,000. Da kuwa zai ce wa malamin ya zauna a kan 950,000 na tsawon shekara biyu ba ƙari, zai karɓi 1,900,000 ba tare da ya kira mai fenti ba. Tazarar dubu hamsin ce kacal, kuma a kanta ne zai miƙa makullinsa ga mutumin da bai san halinsa ba.

Wannan rashin sanin shi ne babbar kasada. Fitar da ɗan haya mai taurin bashi ba aikin kwana ɗaya ba ne a Nijeriya. A Abuja da Legas da jihohi da dama, mai hayar shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata shida, sai idan yarjejeniya ta faɗi wani abu dabam. Bayan nan a ba shi takardar kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwance kwanon rufi ko watso kaya waje da hannunsa, kuma wanda ya yi haka shi zai koma wanda ake ƙara. Duk watannin da shari'a za ta ci, sau da yawa ko kwabo ba ya shigowa.

Shi ya sa mai gida mai hankali ba ya auna ɗan haya da gaisuwa ko fara'a. Yakan jawo littafin rasit ya duba ranakun biya. Yakan leƙa mita ya ga ko an tara masa bashin KEDCO. Yakan tuna damunar da rufin kicin ya fara yoyo, ko an sanar da shi tun silin bai ruɓe ba, ko kuwa sai da ya faɗo. Yakan kuma tambayi kansa ko mai unguwa ya taɓa kiransa a kan rigimar wannan gida. Mutumin da ya tsallake waɗannan shekara shida a jere ya tsare dukiyar wani kamar tasa, kuma ya cancanci a faɗa masa haka ƙarara.

Takardar kanta ba ta buƙatar tsawo. Bayan sallama da gaisuwar iyali, sai godiya wadda ta ambaci abu takamaimai, domin godiya ta gama-gari ba ta shiga rai. Mai gida zai iya rubuta: "Malam, shekara shida kuna gidan nan ban taɓa aiko muku tuni a kan kuɗi ba, kuma na ga gyaran magudanar da kuka yi bara. Allah ya saka da alheri." Daga nan sai tayin, a fili: haya za ta koma 950,000, ba za a taɓa ta ba har shekara biyu, za a iya biya kashi biyu, rabi a farkon shekara rabi bayan wata shida, babu la'adar dillali, kuma mai gida zai yi fentin waje daga aljihunsa. Ga mai albashi, damar biya kashi biyu takan fi ragin dubu hamsin amfani, musamman idan lokacin haya ya yi karo da kuɗin makaranta ko hidimar Sallah.

Lokacin aikawa ma yana da tasiri. Takardar da ta iso saura mako biyu wa'adi ya cika takan tarar da mutum ya riga ya ba da kafin alƙalami a wani gidan. Wata uku zuwa shida kafin ƙarshen haya ya fi dacewa, tare da ranar da ake jiran amsa.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne a bar shi a fatar baki. Mutane biyu da suka saba sukan ji nauyin kawo maganar takarda, kamar rashin yarda ne. Amma gidan haya yakan canja hannu. Alhaji zai iya rasuwa, magada su zo rabon gado, babban ɗa ya ce shi bai san da wani rangwame ba. Ko kuma a sayar da gidan. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a ƙasar Hausa, dole kuɗin haya da tsawon wa'adinsa su zama sanannu tun farko, kuma mutuwar mai gida ba ta warware hayar da aka ƙulla. Sai dai ɗan hayan da ba shi da takarda mai sa hannu da shaidu zai sha wuya kafin ya tabbatar da abin da aka ƙulla ɗin. Haka nan gyaran da aka ce a cire daga kuɗin haya: a rubuta iyakar kuɗin, a ajiye rasit ɗin mai aiki.

Sassaucin ma yana da iyaka. Mai gidan da kunya ta hana shi ƙara ko sisi shekara biyar, alhali kayan gyara sun ninka, zai wayi gari ba ya iya sake rufi, sai kuma ya yi ƙari mai tsanani a lokaci guda, zumuncin ya watse. Saboda haka wasu ke sa sharaɗi a cikin yarjejeniyar cewa bayan shekara biyun za a zauna a sake duba farashi, kuma za a sanar da ɗan haya sabon adadin a rubuce wata shida kafin ya fara aiki.