Shirin Musamman: Dutsen da Aka Jefa Daga Kan Bene, da Yadda Ake Tantance Amsarsa

Shirin namu na yau na ɗaliban kimiyyar fiziks ne da malamansu, kuma mai takarda da biro a kusa ya jawo su, domin akwai ɗan lissafi a gaba.

Akwai wata tambaya da ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ya saba cin karo da irinta. Wani yaro yana tsaye a kan rufin bene mai tsayin mita 20, sai ya jefa dutse sama a karkace da gudun mita 25 a sakan ɗaya. Da wane gudu dutsen zai bugi ƙasa? Ɗalibai da yawa kan yi lissafin, su sami amsa, su ja mata layi biyu, su wuce. Idan suka koma dubawa, hanyar da suka bi da fari ita suke sake bi, kuma ido yakan tsallake kuskuren da hannu ya yi, domin kan da ya yi kuskuren shi ne mai binciken. Maganin wannan shi ne a fito wa amsar ta wata hanya dabam, wadda ba ta taka sawun ta farko ba.

Hanyar farko ita ce ta lokaci. Ana raba gudun dutsen gida biyu, na gaba da na sama. A ce kusurwar jifan ta kai kusan digiri 37, wadda ke ba da mita 20 a sakan zuwa gaba da mita 15 a sakan zuwa sama. Gudun gaba ba ya canzawa muddin an ajiye batun iska a gefe. Na sama kuwa, jan ƙasa yana zaftare masa mita 10 a sakan cikin kowane sakan, kamar yadda takardun jarrabawa ke umartar a ɗauka, ko da yake ainihin adadin ya fi kusa da 9.8. Dutsen zai hau na tsawon sakan ɗaya da rabi, ya dawo daidai rufin a sakan na 3, ya isa ƙasa a sakan na 4. A cikin sakan 4 jan ƙasa ya cire 40 daga 15, wato dutsen yana gangarowa da mita 25 a sakan, yana kuma ci gaba da tafiya gaba da mita 20 a sakan. Da yake waɗannan biyun sun yi gicciye da juna, ba a haɗa su kai tsaye. Ana ninka kowanne da kansa, 625 da 400, a tara su a sami 1,025, sannan a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da haka. Lambar ita ce 32 da ɗan ɗoriya. Amsar hanyar farko ke nan: kimanin mita 32 a sakan.

Matakai biyar ko shida ke nan, kuma kowanne yana da inda ƙafa za ta iya zamewa.

Hanya ta biyu ba ta tambayar lokaci ko kusurwa. Abin da ta dogara a kai shi ne cewa makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Dutsen da ke motsi yana da makamashin motsi, wanda ake samu idan aka ɗauki rabin nauyinsa aka ninka da gudunsa, aka sake ninkawa da gudun. Dutsen da ke sama kuma yana da makamashin tsayi, wato nauyinsa sau jan ƙasa sau tsayin. Ana auna duka biyun da ma'aunin da ake kira jul. Abin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya gama lissafin cinikin yini a littafi, sannan ya buɗe aljihu ya ƙirga kuɗin da hannunsa: idan littafi da aljihu suka saɓa, ya san akwai matsala ko da bai gano wurinta ba tukuna.

Tambayar ba ta faɗi nauyin dutsen ba, kuma babu buƙata, domin nauyin yana cikin kowane ɓangare na lissafin, sai ya soke kansa. Wannan ba wayon alƙalami ba ne kawai. A watan Agustan 1971, ɗan sama jannatin nan David Scott na tawagar Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a duniyar wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda. Saboda haka ɗalibi yana da damar zaɓen nauyin da zai sauƙaƙa masa aiki, kuma kilo 2 ya fi kowanne daɗin sha'ani, tunda rabinsa ɗaya ne. A lokacin jifa, makamashin motsi 25 sau 25 ne, wato jul 625. Makamashin tsayi kuwa 2 sau 10 sau 20, wato jul 400. Jimilla jul 1,025. Idan dutsen ya iso ƙasa tsayi ya ƙare, dukan jul 1,025 ɗin sun koma na motsi, kuma gudun da ke ba da haka shi ne mita 32 a sakan. Layi uku kacal, ga shi hanyoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya.

Amfanin wannan bincike ya fi fitowa idan aka dubi kurakuran da yake kamawa. Ɗalibi na farko ya tara 20 da 25 kai tsaye, ya rubuta 45. Idan aka ninka 45 da kanta za a sami jul 2,025, alhali abin da dutsen ya taso da shi 1,025 ne. Daga ina jul 1,000 suka fito? Babu inda za su fito, don haka amsar ta faɗi nan take.

Ɗalibi na biyu ya yi kuskuren da ya fi wuyar gani. Ya ɗauko ƙa'idar lokacin tafiya da ya haddace, wadda aka tsara don jifan da ke tashi ya sauka a fili ɗaya, sai ta ba shi sakan 3. Ya bi sauran matakan daidai, ya sami mita 25 a sakan. Lambar tana da kyau a ido, babu ɓurɓushi, har ma takan kwantar da hankali. Amma lissafin makamashi yana nuna cewa 25 shi ne gudun da dutsen ya bar hannu da shi. Dutsen da ya sauko mita 20 ƙasa da inda ya taso dole ya fi haka gudu, domin jul 400 na tsayi sun shiga cikin motsinsa. Giɓin da ke tsakanin 625 da 1,025 ma ya nuna wa ɗalibin abin da ya manta, wato tsayin benen gaba ɗaya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ita ma hanyar makamashi tana da tarkonta, kuma yana kan ƙololuwar jifan. Idan aka tambayi iyakar tsayin da dutsen ya kai, wasu kan ce a can sama dutsen ya tsaya cak, su mayar da dukan jul 625 zuwa tsayi, su sami mita 31.25 a saman rufin. Hakan zai zama gaskiya ne kawai da a ce an jefa dutsen sama a miƙe. Dutsen da aka jefa a karkace yana ci gaba da tafiya gaba da mita 20 a sakan har a ƙololuwa, don haka jul 400 suna nan a cikin motsi. Jul 225 kaɗai suka koma tsayi, kuma da yake kowace mita tana cin jul 20, hawan ya tsaya a mita 11.25. Hanyar lokaci ta yarda da wannan: sakan ɗaya da rabi na hawa, da matsakaicin gudun mita 7.5 a sakan, shi ma 11.25 yake bayarwa. A nan hanyar farko ce ta yi wa ta biyu gadi.

Akwai wani abin da ya kamata malamai su riƙa jaddadawa a aji, kuma ba kasafai ake yi ba. Ƙa'idar nan ta `v² = u² + 2as` da ke cikin jerin ƙa'idojin motsi, lissafin makamashi ce da aka cire wa nauyi. Wanda ya yi amfani da ita ya sami amsa, sannan ya ce zai tantance da makamashi, aiki ɗaya ya yi sau biyu, kuma idan ya sa tsayin da ba daidai ba a farko, zai sake sa shi a karo na biyu. Binciken yana da ƙarfi ne idan hanyar farko ta bi ta kan lokaci. Haka kuma makamashi ba shi da alkibla. Ko sama aka jefa dutsen nan, ko gaba, ko ƙasa, muddin da mita 25 a sakan ya bar rufin, da 32 zai isa ƙasa. Saboda haka wannan hanya ita kaɗai ba za ta faɗi inda dutsen ya sauka ba, wanda a wannan tambayar mita 80 ne daga gindin benen, kuma ba za ta faɗi kusurwar da ya bugi ƙasa da ita ba.

Iyaka mafi girma ita ce iska. Hanyoyin biyu duk sun ɗauka babu ita, don haka za su iya yarda da juna su kuma saɓa wa abin da ya faru a zahiri. A ranar 14 ga Oktoban 2012, Felix Baumgartner, ɗan ƙasar Austriya, ya diro daga wani balan-balan a tsayin kusan kilomita 39 a saman jihar New Mexico ta Amurka. Ya faɗo fiye da kilomita 36 kafin ya buɗe lema. Da babu iska, lissafin makamashi zai ba shi gudun da ya kai wajen mita 840 a sakan. Mafi girman gudun da aka auna masa kimanin mita 377 ne a sakan, wato kilomita 1,357 a awa, wanda ya zarce gudun sauti amma bai kai rabin wancan ba. Bayan nan ma raguwa gudun ya riƙa yi yayin da yake shiga iska mai kauri. Makamashin bai ɓace ba, ya tafi wajen ture iska da ɗumama ta.

Ko a irin wannan hali lissafin yana da aikin yi, domin yana ba da iyakar da ba za a iya wucewa ba. Abin da ya faɗo daga mita 20 ba tare da an jefa shi ba ba zai wuce mita 20 a sakan ba, kuma idan gwaji a harabar makaranta ya ba da fiye da haka, laifin na agogo ne ko na ma'aunin tsayi. Idan ya ba da ƙasa da haka, bambancin makamashin shi ne abin da iska ta ci, kuma ana iya lissafa shi: ƙwallo mai rabin kilo da ta faɗo mita 20 tana da jul 100 a farko, idan ta iso da mita 16 a sakan tana ɗauke da jul 64, iska ta karɓi 36.