Kuɗin Inshora Bayan Gobara

A ce gobara ta laƙume kayan naira miliyan 10 a shagon ɗan Kantin Kwari, amma inshorar miliyan 6 kawai ya yi. Ya tsame atamfofin miliyan 2 da rai, asara ta tsaya a miliyan 8.

Zai zaci miliyan 6 zai karɓa. Ina! Tunda kashi 60 cikin 100 na darajar kayan ya yi wa inshora, kashi 60 na asarar kamfanin zai biya, wato miliyan 4 da dubu 800.

A littafin lissafi, akawu zai cire miliyan 8 daga kaya, ya rubuta diyyar a matsayin bashin da ake bin kamfanin har ranar da kuɗin suka shigo banki. Ragowar miliyan 3 da dubu 200 kuwa, daga ribar shekara za a zabtare ta.